Yadda ake sake lambar sirrin talabijin da dikoda idan an manta ta

Magidanta da dama da ke aiki ko kasuwanci a birane su ne ke ɗawainiyar kayan kallon gidajensu na asali a ƙauye. Su ke sayen talabijin, su biya mai haɗa dish, su riƙa biyan kuɗin wata ta wayar hannu. A ranar da aka kafa kayan, sau da yawa akan sanya lambar sirri domin kange yara daga tashoshi da finafinan da ba su dace da shekarunsu ba. Daga nan mai kayan ya koma bakin aikinsa, watanni su shuɗe, lambar ta ɓace masa. Ranar da manyan gida suka buƙaci buɗe wata tasha, sai a tarar babu wanda ya san ta.

A birni matsalar ba ta da girma, domin ofishin kamfani ko shagon wakilinsa na kusa. A gari irin Bafarawa da ke Ƙaramar Hukumar Isa a gabashin Jihar Sakkwato, ko a garuruwan maƙwabciyarta Sabon Birni da ke bakin iyakar Nijar, lamarin ya sha bamban. Ɗaukar dikoda zuwa birnin Sakkwato tafiya ce mai cin kuɗi da yini, a kan hanyoyin da matsalar tsaro ta sa mutane ba sa hawa sai da dalili mai ƙarfi. A halin da ake ciki kuma kuɗin watan da aka biya yana ƙonewa, ko ana kallo ko ba a yi.

Mafi yawan waɗannan makullai ana iya buɗe su daga gida, ba tare da an biya kowa ba. Sharaɗin shi ne mutum ya fara gane inda lambar take ajiye, domin wurin ajiyarta shi ke nuna wanda ke da ikon sake ta.

Makulli uku a fuskar talabijin ɗaya

Abin da ke rikita mutane shi ne duk saƙonnin neman lamba a fuska ɗaya suke fitowa, alhali daga na'urori dabam-dabam suke. Akwai lambar da ke cikin ita kanta talabijin ɗin. Akwai wadda ke cikin dikoda. Akwai kuma wadda ke cikin asusun manhajar kallo ta intanet kamar Netflix, wadda ba a cikin ɗakin take ba sam, tana can a rumbun kamfanin.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce a duba rimot ɗin da ke amsawa. Idan lambobin da ake dannawa suna shiga ne da rimot ɗin dikoda, makullin na dikoda ne. Idan aka kashe dikoda gaba ɗaya amma saƙon bai gushe ba, na talabijin ne. Idan kuwa sai an shiga cikin manhaja, an zaɓi sunan wani mai kallo sannan a nemi lamba, to na asusu ne.

Haka kuma ba duk tashar da ta ƙi nunawa ce aka kulle ba. A dikodar DStv da GOtv, saƙon E16 yana nufin kuɗin wata ya ƙare ko kuma tashar ba ta cikin tsarin da aka biya. Saƙon E48-32 kuwa yana nufin sigina ba ya zuwa, kamar yadda kan faru idan iskar farkon damina ta karkatar da dish ko ruwa ya shiga waya. Babu ɗaya daga cikinsu da ya shafi lambar sirri. Makullin yara a fili yake neman a shigar da PIN, kuma yakan nuna gurabe huɗu na lambobi.

Lambar da kamfani ya sako da ita

Kowace na'ura tana fitowa daga masana'anta da lamba ta asali. A dikodar DStv da GOtv lambar ita ce 1234. A dikodar StarTimes da akasarin dikodojin kallon kyauta irin su Strong, 0000 ce. Talabijin ɗin Samsung da LG ma 0000 suke zuwa da ita. Sai dai masu sayen talabijin tokumbo su lura da wani bambanci: Samsung da aka saita wa ƙasar Faransa lambarta ta asali 1111 ce, LG kuma 1234.

Gwada lambar asali shi ne matakin farko, domin sau da yawa mai haɗa kaya ya kulle tashoshin ne kawai bai canza lambar ba. Amma sau ɗaya ya kamata a gwada ta, sai kuma lamba ɗaya da mai kayan yake kyautata zaton ita ce. A dikodar kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, idan aka yi ta shigar da lambar da ba daidai ba, na'urar takan toshe gurbin lambar baki ɗaya. Daga wannan lokaci ko an tuno lambar gaskiya ba za ta yi aiki ba sai kamfanin ya buɗe. An yi hakan ne da gangan, domin lambobi huɗu hanyoyi 10,000 kacal ake iya jera su, kuma yaro mai naci da hutun makaranta a gabansa zai iya cin sa'a idan ba a taƙaita gwaji ba.

Misali daga gidan da mai shi ke nesa

A ɗauka wani ma'aikacin gwamnati ne a birnin Sakkwato, iyayensa da ƙannensa da wasu daga cikin 'ya'yansa suna Bafarawa. Da hutun Babbar Sallah ya kafa musu DStv mai aiki da sola. Saboda jarrabawa na gabatowa, ya shiga sashen Parental Control, ya kulle tashoshin finafinai, ya taƙaita sauran shirye-shirye zuwa na 'yan shekara 13, sannan ya canza lambar daga 1234 zuwa wata da ya ƙirƙira a take. Bayan wata biyar an yi hutu, ƙanensa da ke kula da gidan ya kira yana neman lambar. Yayan ya faɗi ɗaya ba ta yi ba, ya faɗi wata ba ta yi ba. Yara ma sun riga sun yi nasu gwajin a ɓoye, don haka dikoda ta toshe.

Abu na farko da ya kamata su yi shi ne su daina taɓa rimot. Kashe dikoda da kunna ta, ko zare kati a mayar, ba ya goge lambar, domin an tsara ta ne ta tsaya ko an ɗauke wuta. Da kashe wuta na goge ta, da makullin bai da amfani a ƙasar da ake ɗauke wuta kullum.

Abu na biyu shi ne tattara shaidar mallaka. Ƙanen zai karanto lambar katin dikodar, wadda ke rubuce a jikin katin ko a takardar da aka manna a ƙarƙashin na'urar. A GOtv ana kiranta lambar IUC. Yayan da ke biyan kuɗin wata ta manhajar banki ma zai same ta a rasit ɗin biyan da ya gabata, tare da sunan da aka yi rajista da shi. Zai kuma tuna adadin kuɗin da ya biya na ƙarshe da ranar da ya biya.

Abu na uku shi ne kiran sashen kula da masu hulɗa na kamfanin, ta lambar da ke cikin littafin da ya zo da dikoda, ko a manhajar MyDStv, ko a shafin kamfanin na ainihi. Mai asusun ne ya fi dacewa ya kira, kuma da layin da aka yi rajista da shi. Jami'in zai nemi lambar kati, ya yi wasu tambayoyi don tabbatar da cewa mai kiran ne mai kayan, sannan ya tura umarnin sake lambar.

Nan ne nisa ke shigowa. Umarnin ta tauraron ɗan Adam yake sauka, don haka dole dikodar ta kasance a kunne, katin na ciki, sigina na zuwa a daidai lokacin. Idan yayan ya kira da safe daga ofis alhali a Bafarawa batirin sola ya mutu tun cikin dare, kamfanin zai tura, amma babu na'urar da za ta karɓa. Dabarar ita ce su yi alkawarin lokaci, misali bayan Azahar sa'ad da rana ta cika batir. Ƙanen ya kunna dikoda ya zauna a gabanta, yayan ya kira kamfani da waya ɗaya, ya riƙe ƙanen a ɗaya wayar. Idan umarnin ya sauka, lambar za ta koma 1234.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa. Yara sun san 1234 kamar yadda manya suka sani. Kafin a tashi daga gaban talabijin, ƙanen zai shiga Settings, ya zaɓi Parental Control, ya sanya sabuwar lamba, ya duba ko iyakar shekarun da tashoshin da aka kulle suna nan yadda ake so. Sannan ya sanar da yayansa sabuwar lambar, ta zama mutum biyu ne suka san ta.

Idan rajistar ba da sunan mai kayan take ba

A wannan misali an ɗauka cewa komai na rajista daidai yake. A zahiri nan ne aka fi samun cikas. Sau da yawa mai haɗa dish ne ke sayo dikoda ya yi mata rajista da sunansa da lambar wayarsa don sauri. Wani lokaci dikodar ta hannu ce, aka saya daga wanda ya tashi daga gari. Wani lokaci kuma sunan daidai ne amma layin wayar ya mutu.

Mutuwar layi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A watan Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuma Isa da Sabon Birni na ciki. Bayan haka ga dokar haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN, wadda aka fara a Disambar 2020, ta sa aka rufe layukan da ba a haɗa ba. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kuwa, kamfanin sadarwa na iya mayar da lambarsa kasuwa ya sayar wa wani. Ke nan saƙon tabbatarwa da za a turo zai iya faɗawa hannun baƙo.

Wanda ya samu kansa a wannan hali, gyaran bayanan asusu ne aikinsa na farko, kafin batun lambar sirri. Idan mai haɗa dish na nan, a neme shi ya kira kamfanin tare da mai kayan. Idan ba ya nan, mai kayan ya je ofishi ko wurin amintaccen wakilin kamfanin a birni da katin shaidarsa, da lambar katin dikoda, da rasit na saye ko na biyan kuɗin wata, ya nemi a mayar da bayanan da sunansa. Kafin a ɗauko dikoda daga ƙauye, a fara tambayar wakilin ko ana buƙatar ganinta. Tambayoyin da jami'ai ke yi ba don wahalarwa ba ne. Da kowa zai iya kira a buɗe masa, da yaron da aka kulle tashar dominsa ne zai fara kira.

Dikodar kallon kyauta

A karkarar Arewa gidaje masu yawa ba sa biyan kuɗin wata. Dish ne ake juyawa zuwa taurari irin su Nilesat da Badr, a kama tashoshin kyauta na addini da labarai da finafinai. Irin wannan dikoda ba ta da asusu, ba ta da kati, kuma babu kamfanin da zai turo mata umarni daga nesa. Lambar sirrinta tana cikinta kaɗai.

Idan 0000 ba ta yi ba, hanyoyi biyu suka rage. Wasu samfura suna da babbar lambar da ke buɗe su ko an manta ta mai gida, kuma ta bambanta daga samfuri zuwa samfuri. Ana samunta a littafin na'urar ko wurin dilan da ya sayar da ita, idan an gaya masa ainihin lambar samfurin da ke rubuce a bayan dikodar. Hanya ta biyu ita ce mai gyara ya sake ɗora mata manhajarta ta kebul ko ta filash.

Ta biyun tana da farashi. Takan share jerin tashoshi da bayanan taurarin da aka saita, musamman idan dish fiye da ɗaya aka haɗa a dikoda guda. Sai an sake lalubo tashoshi, wani lokaci sai mai haɗa dish ya dawo. Idan kuma aka ɗora manhajar wani samfuri, ko wuta ta yanke ana tsakiyar aikin, dikodar na iya mutuwa ba ta sake tashi ba. Don haka kafin a fara, a ɗauki hoton shafin saitin taurari idan yana buɗewa, a tabbatar batir ko janareta zai kai ƙarshen aikin, a kuma tambayi mai gyaran ko zai iya kwafe jerin tashoshin a filash.

Idan makullin na talabijin ne

Mutane da yawa sukan yi zaton mayar da talabijin saitin masana'anta zai warware matsalar. A Samsung wannan saitin shi kansa sai an shigar da lambar kafin ya yi aiki, kuma ko ya yi, zai goge tashoshi da manhajoji da asusun da aka shiga. Kamfanonin sun tanadi hanya mafi sauƙi, kuma sun rubuta ta a littattafansu.

A sababbin talabijin na Samsung, ana barin talabijin a kunne, a danna waɗannan maɓallai na rimot mai lambobi a jere:

```
MUTE > VOL + > RETURN > VOL - > RETURN > VOL + > RETURN
```

A tsofaffin samfura kuwa ana kashe talabijin da rimot, wayar wuta na jone, sannan a danna:

```
MUTE > 8 > 2 > 4 > POWER
```

Ko wacce aka bi, lambar za ta koma ta asali ba tare da an taɓa sauran saiti ba. A talabijin na LG masu manhajar webOS, ana shiga Settings, a nemo sashen Safety, sannan a danna:

```
CH + > CH + > CH - > CH +
```

Wani gurbi zai fito yana neman babbar lamba. A samfura da yawa 0313 ce, a wasu 0325. Da an shigar da ita, lambar gida za ta koma ta asali. Ga sauran kamfanoni, a duba littafin samfurin, wanda galibi ana iya saukewa kyauta daga shafin kamfanin.

Idan jeren bai yi aiki ba, galibi ɗaya daga cikin abu biyu ne: an yi jinkiri tsakanin dannawa, ko kuma rimot ɗin na kasuwa ne wanda wasu maɓallansa ba sa aika abin da na asali ke aikawa. Abin da ya kamata a guje wa shi ne gwada kowane jere da aka tsinta a bidiyon intanet. Wasu daga cikinsu ba lambar yara suke sakewa ba, shafin injiniyoyi suke buɗewa, inda canza saiti ɗaya bisa kuskure zai iya juya hoto ko ya ɓata launin fuskar talabijin.

Waɗannan jeren suna koyar da wani abu game da iyakar makullin talabijin. Tunda a littafi suke a rubuce, duk matashin da ke da waya zai iya gano su. Alamar cewa an yi hakan ita ce mai gida ya tarar lambarsa ta daina aiki amma 0000 tana yi. A gidan da akwai samari, makullin dikoda mai kati da na asusun manhaja sun fi na talabijin ƙarfi, domin su sai an tabbatar da mai su.

Manhajojin kallo ta intanet

Netflix ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2016, kuma a Afrilun 2020 ta ƙara damar kulle kowane sunan mai kallo da lamba huɗu. Amfanin hakan shi ne yara su tsaya a sashensu, kada su shiga na manya. Wannan lamba a asusu take, don haka goge manhajar daga talabijin ko mayar da talabijin saitin masana'anta ba ya taɓa ta.

Wannan ya sa ita ce mafi sauƙin gyarawa daga nesa. Mai asusun, ko yana Sakkwato ko Kano ko Legas, zai buɗe `netflix.com/account` a wayarsa, ya zaɓi sunan da aka kulle, ya shiga Profile Lock, ya rubuta kalmar sirrin asusun, sannan ya canza lambar ko ya cire ta. Da zarar talabijin ɗin gida ta samu intanet, sabuwar lambar za ta fara aiki.

Idan kalmar sirrin ma an manta ta, ana neman sabuwa ta `netflix.com/loginhelp`, a turo saƙo zuwa imel ko lambar wayar da ke jikin asusun. A nan za a ga cewa makullan sarƙa ne: lambar yara tana rataye da kalmar sirri, kalmar sirri tana rataye da imel, imel kuma galibi yana rataye da layin waya. Mutumin da wani mai shagon waya ya buɗe wa imel shekarun baya, bai riƙe kalmar sirrinsa ba, kuma layin ya mutu, shi ne zai fi shan wahala. Abin da ya rage masa shi ne tuntuɓar kamfanin da bayanan katin da yake biya da shi.

Akwai kuma masu sayen gurbi a asusun wani, su biya kuɗi kaɗan a ba su suna da lamba. Irin wannan mai kallo ba shi da ikon sake komai, domin asusun ba nasa ba ne, kuma ƙa'idar kamfanin ta taƙaita amfani da asusu ga mutanen gida ɗaya. Ba zai iya saita wa 'ya'yansa iyakar shekaru da kansa ba, domin wannan ma sai da kalmar sirrin mai asusun.

Manhajar YouTube Kids da ake sanya wa yara a waya tata hanyar dabam ce. Tun asali lissafin ninkawa take tambaya kafin ta buɗe saiti, sai idan iyaye sun maye gurbinsa da lambar kansu. Idan aka manta lambar, ana goge manhajar a sake saukar da ita. Wanda ya shiga da asusunsa na Google zai tarar da sunayen yaran da saitinsu suna nan. Wanda bai shiga ba zai sake saitawa daga farko.

Masu damfara da sunan taimako

Mutumin da ya gaji da neman mafita yakan rubuta kokensa a shafukan sada zumunta, ko ya kira lambar farko da ya gani a intanet. 'Yan damfara sun san haka, suna buɗe shafuka da tambarin kamfanoni suna jiran irin waɗannan koke-koke. Hanyar gane su ɗaya ce. Sake lambar sirrin dikoda ba ya buƙatar lambar katin cirar kuɗi, ko lambar BVN, ko lambar da banki ke turowa ta saƙo don tabbatar da cinikayya. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu, ko ya ce a tura kuɗi zuwa asusun wani mutum kafin ya buɗe dikoda, a katse kiran.

Haka nan kada a sanya wa talabijin lambar da ake amfani da ita a katin banki ko manhajar tura kuɗi. Lambar talabijin a gaban jama'a ake danna ta, yara suna kallon yatsu, kuma dole wata rana a faɗa wa wani ta waya. Ga ɗan kasuwar da wayarsa ke kwana a kan tebur a falo, wannan ganganci ne mai tsada.

Abin da za a yi tun yau

Minti goma sun isa a kauce wa duk wannan. Mai kayan ya duba rasit ɗin biyansa na ƙarshe ya ga sunan da ya fito. Idan ba nasa ba ne, ko layin da ke jikin asusun ya daina aiki, ya gyara tun dikoda ba ta toshe ba. Ya ɗauki hoton lambar kati da lambar samfurin kowace na'ura ya adana a wayarsa. Ya zaɓi lambar da ba shekarar haihuwar kowa a gidan ba ce, ba kuma ƙarshen lambar wayarsa ba, domin su ne yara ke fara gwadawa. Sannan ya rubuta ta a takarda, tare da sunan na'urar da ta shafa, ya ajiye inda ake ajiye takardun gida da na gona, ya kuma sanar da babban mutum ɗaya da ke kwana a gidan.